Littafin aiki: karo-karon fim ɗin gora

Asabar, 6 ga Satumba 2025, Birnin Kebbi

Jiya da dare muka kammala gwajin fim ɗin, wato zanen fensir marar launi da muka jera bisa muryoyin wucin gadi don mu ga tsawonsa. Ya tsaya a minti 5 cif, sakan 300. Labarin yaro ne ɗan shekara 10 mai tsoron ruwa, wanda kakansa ya bar wa tsohuwar gora mai faci, ranar kamun kifi a kogin Matan Fada na Argungu kuwa gorar ta kuɓuce masa. Ba mu raɗa masa suna ba tukuna, fim ɗin gora muke ce masa.

Mu huɗu ne. Ni da wani ƙanen abokina muke zanen motsi, ƙanwata ke zanen bango da sa launi, sai mai sauti, wanda ainihin sana'arsa ɗaukar bidiyon biki ce. Da manhajar Krita muke zane, kyauta ce. Abin da ba kyauta ba shi ne lokacinmu da wuta. Fim yana tafiya a kan hoto 24 kowane sakan, mu kuwa muna barin kowane zane ya zauna hoto biyu, sai ya zama zane 12 a sakan. Sakan 300 ke nan zane 3,600 idan komai na motsi. Mun auna kanmu wata biyu: idan ni da ƙanen abokin nawa kowa ya ba da awa 25 a mako, muna fitar da sakan 10 gamamme. Mako 30 ke gabanmu, kusan wata 7.

Na zauna na lissafa. Alawus ɗin masu zane uku, naira 40,000 kowa a wata har wata 7, ya kama 840,000. Sauti da muryoyi da makaɗa 260,000. Batirin sola da inbata 450,000. Allon zane na biyu 150,000, don har yanzu karɓa-karɓa muke yi da guda. Data da rumbun ajiya 100,000. Jimla miliyan 1 da dubu 800. Da na raba da 300 sai ta ba ni naira 6,000 kowane sakan, naira 500 kowane zane. Wannan ne lissafi na farko da na ji zan iya faɗa wa mutum a bakin masallaci ya gane.

Ba mu da kuɗin, karo-karo za mu nema. Daga yau zan riƙa rubuta yadda shafin neman yake tafiya.

Laraba, 10 ga Satumba

Kickstarter, shafin neman karo-karo ta intanet, ta fita daga lissafi, Najeriya ba ta cikin ƙasashen da ake buɗe neman kuɗi daga cikinsu, haka ma GoFundMe. Wani ya ce mu yi da sunan ɗan'uwansa da ke Ingila. Na ƙi. Kuɗin zai faɗa asusun wanda ba ya cikin aikin, kuma mutanenmu da za su bayar yawancinsu ba da kati suke biya ba.

Za mu yi ɗan shafi namu mai sauƙi, mu haɗa shi da shafin biya na Paystack, mu kuma buɗe asusun banki dabam wanda sai mutum biyu sun sa hannu kuɗi ke fita. Amma akwai abu guda da na ɗauko daga tsarin Kickstarter: can idan ba a kai adadin da aka nema ba, ba a cire wa kowa ko kwabo. Mu babu na'urar da za ta tilasta mana haka, sai mu tilasta wa kanmu a rubuce. Zan dawo kan wannan.

Lahadi, 14 ga Satumba

Na rubuta shafin, na yi alfahari da shi kwana biyu, yau ya sha ƙasa.

Na buɗe shi da tarihi: yadda bikin kamun kifi na Argungu ya samo asali a 1934 lokacin da Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya kawo ziyara bayan tsohuwar gaba tsakanin Kabi da Sakkwato, da yadda UNESCO ta sa shi cikin jerin al'adun duniya a 2016. Daga nan na shiga yadda yaranmu ke kallon katun na wasu ƙasashe, sannan tarihin kowannenmu. Maganar kuɗi tana can sakin layi na shida.

Na miƙa wa mutum biyar wayata ɗaya bayan ɗaya, ban ce musu komai ba, ina kallon babban yatsansu. Uku sun daina gungurawa kafin su kai rabi. Da na tambaye su nawa muke nema, mutum ɗaya kaɗai ya sani, ita ma ƙanwata ce. Maƙwabcinmu malamin firamare ya miƙo mini wayar ya ce: "Malam, rubutu ya yi kyau. Gwamnati za ku kai wa?" Gaskiyarsa. Takardar neman tallafi na rubuta, irin wadda ake kai wa ofis a jira. Kuma ɗan Kabi ba ya bukatar in karanta masa tarihin Matan Fada, ya fi ni sani.

Na sake daga tushe. Sharaɗin da na sa wa kaina shi ne duk abin da mutum ke bukata ya yanke shawara ya shiga fuskar waya guda ba tare da ya taɓa ta ba. Ga yadda farkon ya koma:

"Muna yin fim ɗin zane na minti 5 da Hausar Kabi, labarin yaron da gorar kakansa ta kuɓuce masa ranar kamun kifi a Matan Fada. Mu huɗu ne, a Birnin Kebbi muke. Mun gama labari da gwaji, mun gama sakan 20 da launi, ga su nan ƙasa ku gani. Saura sakan 280, kuma kowane sakan zane 12 ne da hannu. Muna neman kuɗin ƙarasawa daga nan zuwa 30 ga Nuwamba."

Tarihin ya koma layi biyu can ƙasa, don baƙin da ba su san wurin ba. Na kuma bi na tsince duk wata kalma mai warin maula: "ku taimaka mana", "ku tausaya wa matasa", "don Allah don Annabi". Wanda ya ji tausayinka zai ba ka naira 500 ya wuce, ba zai tambaye ka fim ba, kai ma ba za ka ji nauyinsa ba. Mu muna son wanda zai bi mu bashin fim.

Sakan 20 ɗin da na ambata ba su gama ba tukuna, 12 ke hannu. Ba za a buɗe shafi ba sai sun cika.

Asabar, 20 ga Satumba, Argungu

Na zo ɗaukar hotunan gaɓar kogi don zanen bango, na biya wurin kawu. Shi tsohon masunci ne, homarsa na rataye a zaure har yanzu ko da yake gwiwa ta hana shi shiga ruwa. Na karanta masa shafin. Ya saurara har ƙarshe, sannan ya ce: "To ɗana, in na zuba dubu 20 cikin wanga abu naku, in an saida shi nawa za ka kawo mini?"

Na ce Kawu ba a rabon riba. Ya ce to sadaka ce? Na ce a'a. Ya ce adashi? Na ce ba kwasa. Ya yi dariya ya ce to gudummawa ce irin ta biki, in faɗi haka tun farko in huta.

A mota ina dawowa na gane ya warware mini abin da ya dame ni mako guda, wato sunan abin da za mu bai wa wanda ya ba da kuɗi. Na fara rubuta "lada", ƙanwata ta ce lada na Allah ne, kar mu shiga hurumin da ba namu ba. Na koma "kyauta", sai ya yi kama da gasa, kamar za a ja ƙuri'a wani ya ci. Kalmar da ta dace tana nan tun kaka da kakanni: tukuici. An kawo maka abin arziki, ka mayar da ɗan abu na nuna ka ji daɗi, kuma kowa ya san tukuici ba ya kai kyautar da aka kawo. Wannan kaɗai ya rage mana dogon bayani. Kuɗin gudummawa ne, abin da za mu mayar tukuici.

Tambayar kawu ta farko ma ba ta wasa ba ce. Da zarar ka yi wa mutane alkawarin kaso cikin riba, ka bar gudummawa ka shiga sayar da hannun jari, kuma hukumar SEC mai kula da hada-hadar hannun jari ta fitar da ƙa'idoji kan irin wannan karo-karon a 2021, sai ta hannun dillalin da ya yi rajista ake yinsa. Don haka na ƙara layi guda da manyan baƙaƙe: gudummawa ba jari ba ce, ba bashi ba ce, babu rabon riba. Ƙuri'a ma babu. Mai sauti ya so a ce duk wanda ya ba da 5,000 ya shiga zaɓen cin waya. Ka biya kuɗi don wataƙila ka ci waya, ai sunansa caca, kuma rana guda za a kashe mana shafin da wa'azi.

Lahadi, 28 ga Satumba

Yau aka yi rigimar riga.

Tun farko kowa ya ɗauka za a yi riga mai hoton yaron da gorarsa. Ni ma ina so, na riga na hango ta a jikin mutane. Muka sa ta a matakin naira 15,000. Ƙanwata ta ce kafin a rubuta a shafi a je a tambayo farashi, ta kuwa je da kanta. Riga mai kauri da bugu mai launi uku, idan guda 30 za a yi, 7,500 kowace. Aikawa a mota zuwa Kano ko Kaduna ko Abuja, a ce 3,500 idan an daidaita na kusa da na nesa. Paystack na cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100, wato 325 a kan 15,000. Ta ɗora takardar a gabana ta ce: "Yaya, debe ka gani."

Saura 3,675. Mutum ya ciro 15,000 daga aljihunsa yana jin ya yi wa fim hidima, abin da ya isa teburin zane bai kai kuɗin sakan guda ba. Wanda ya ba da 5,000 bai karɓi komai na hannu ba, nasa 4,825 ne ke shigowa, ya fi mai riga. Ba a ma sa ranakun da wani cikinmu zai ɓata a tasha yana neman direba ba, ko wanda zai bugo ya ce tasa ta matse shi a hammata.

Ƙanen abokina ya yi ta gardama cewa riga talla ce mai yawo. Na ce haka ne, amma tallar fim ɗin da ba a gama ba. Riga ta fita. In fim ya fito, mai so ya saya da kuɗinsa.

Daga nan muka kafa ma'auni biyu da kowane tukuici zai bi ta kansu. Na farko, nawa yake ci a kuɗi, kuma duka tukuicin gaba ɗaya kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na abin da aka tara. Na biyu, awa nawa yake ci daga hannun mai zane. Na biyun ne ake mantawa, don ba ya fitowa a rasit. A wurinmu sakan guda awa 5 ne na aiki, saboda haka duk alkawarin da zai ci awa 5 ya cinye sakan ɗaya na fim. Da wannan ma'aunin muka kashe shawarar zana wa kowane mai 10,000 hotonsa, muka kashe ta koyar da zane ta waya, muka kashe ta ƙaramin littafin labarin. Littafin ya yi mini ciwo, amma shafi 16 aikin wata guda ne.

Ƙaramin abu da na lura ina duba kuɗin cirewa: naira 100 ɗin nan ba a ɗora ta a kan biyan da bai kai 2,500 ba. Mun so matakin farko ya zama 2,500, inda za a cire 137 da rabi. A kan 2,000 kuwa naira 30 kacal. Muka saukar da shi 2,000, ya fi daɗin faɗa ma.

Asabar, 4 ga Oktoba

Tukuicin da ya fi kowane kyau shi ne wanda fim ɗin dama yana bukatarsa. A minti na uku akwai wurin da ake jiran a ba da alamar shiga ruwa, gaɓa ta cika maƙil da 'yan kallo. Dole ne mu zana taron nan ko da karo-karo ko babu. To me zai hana fuskokin su zama na waɗanda suka ba da kuɗi?

Kafin in rubuta, na gwada da hoton kawu. Zanen farko minti 50. Mayar da shi salon fim ɗin, don kar ya fita dabam kamar an manna shi, wata awa guda. Launi da ɗan motsin kai na zane biyu masu maimaituwa, minti 40. Na tura wa ɗansa ya nuna masa, saƙo ya dawo cewa hancin ba nasa ba ne kuma shi ba ya karya hula haka. Gyara rabin awa. Awa 3 ke nan a kan mutumin da zai bayyana sakan 4 cikin taro. Da na rubuta "duk mai so" kamar yadda na yi niyya, mutum 60 suka saya, da mun ci bashin awa 180, kusan wata guda na aikinmu mu biyu.

Don haka fuska 20 kawai, naira 25,000 kowace, gyara sau ɗaya. Awa 60 ne, da launi da kai-komon saƙo na ƙara mako 2 a jadawali, na sa alawus ɗinsu 60,000 cikin kuɗin tukuici. Na kuma rubuta a shafi cewa fuska za ta fito a cikin taro ne, ba ta magana, tsawon sakan 3 zuwa 4, don kar wani ya gayyato dangi kallon fim ɗin da ya fito a ciki su yi ƙiftawar ido su rasa shi.

Ƙanwata ta kawo abin da ban yi tunani ba. Wani zai turo hoton matarsa ko budurwarsa ba da saninta ba. Sharaɗi: mai fuskar da kansa zai turo amincewa, a rubuce ko da murya, yaro kuwa sai iyayensa. Akwai kuma waɗanda za su so ba da 25,000 amma ba sa son a zana surarsu saboda fahimtarsu ta addini, kuma ba aikinmu ba ne mu yi musu gardama. Su sai a rubuta sunansu, da boko ko da ajami, a jikin kwalekwale.

Nan ma da tarko. Ƙanen abokina ya ce a sa sunayen a jikin gorunan masunta, zai fi armashi. Gora tana juyawa a ruwa, duk abin da ke jikinta sai an sake zana shi sau 12 kowane sakan, kuma rubutu shi ne abin da ya fi saurin rawa idan hannu ya kuskure ko da kaɗan. Suna yana zama ne a kan abin da ba ya motsi: kwalekwalen da ke ɗaure a gaɓa, allon shago, bangon rumfa. Waɗannan suna cikin zanen bango, sau ɗaya ake yinsu, minti 15 sun isa.

Daga nan matakin 100,000 ya fito, allon shago guda 3 a hanyar da yaron ke bi zuwa kogi, don masu injin casar shinkafa da manyan 'yan kasuwa. Ban da jam'iyya, ban da ɗan takara, ban da hoton kowa. Na rubuta wannan tun yanzu saboda na san ranar da za a zo mana da kuɗin da ya ninka haka, kuma ranar ba za mu iya cewa a'a ba sai da takarda a hannu.

Juma'a, 10 ga Oktoba

Kuskure na kama, nawa ne kuma. Tukuicin da na fi so shi ne "sakan naka": ka ɗauki nauyin sakan guda, mu turo maka shi da zanensa na fensir da na launi, sunanka ya fito a ƙarshen fim tare da lambar sakan ɗin. Na sa masa 6,000. Mai sauti ya ce to idan an saye duka 300 ɗin nawa ke nan? Miliyan 1 da dubu 800. Kuɗin fim kaɗai, ba tukuici, ba kuɗin cirewa, ba ko sisi na ko-ta-kwana.

Abin da ya kamata mu nema ya fi abin da fim zai ci. Tukuici 220,000: kati 30 na hoton fim a takarda mai kauri 45,000, daren haska fim a Argungu da majigi da janareta da kujeru 115,000, da 60,000 ɗin fuskoki. Kuɗin cirewa na ware 70,000. Ko-ta-kwana 110,000, wanda na san ya yi kaɗan ga aikin wata 7 a yadda farashi ke tashi. Jimla miliyan 2 da dubu 200. Sakan ya koma 7,500, kuma na bayyana a shafi cewa 6,000 na zane ne, sauran na waɗannan.

Matakan sun tsaya biyar. Mai 2,000 sunansa a ƙarshen fim, kuma zai kalla kafin kowa. Mai 7,500 sakan nasa. Mai 15,000 sakan da kati mai sa hannunmu da kujera a daren majigi, katin kuwa a karɓa hannu da hannu a Birnin Kebbi ko Argungu, na nesa ya biya kuɗin mota. Sai fuska, sai allon shago.

Kallon farko ta linki ne na sirri mai wa'adin mako guda, ba za mu tura wa kowa fim ɗin kansa ba. Fayil ya shiga WhatsApp da safe, kafin la'asar yana wurin masu tura fina-finai a kasuwa, kuma wasu bukukuwan fim ba sa karɓar abin da ya riga ya bazu a intanet.

Lahadi, 19 ga Oktoba

A takarda lissafin ya yi daidai har abin ya ba ni tsoro: mutum 100 a 2,000, mutum 100 a 7,500, mutum 30 a 15,000, fuska 20, allo 3. Miliyan 2 da dubu 200 cif, mutum 253. Amma ni na ƙirƙiro mutanen nan don lissafi ya cika.

Sai muka zauna kowa da wayarsa, muka rubuta sunan duk wanda za mu iya bugawa kai tsaye mu ce ga abin da muke ciki, da adadin da muke jin zai iya bayarwa ba tare da ya ƙuntata ba. Mabiya a Facebook ba sa cikin lissafi, danna alamar so ba ta cin kuɗi. Muka tsaya a suna 140, kuɗinsu wajen miliyan 1 da dubu 400. Sauran sai dai daga waɗanda ba mu sani ba.

Dole ke nan shafi ya faɗi abin da zai faru idan ba a kai ba. Na koma kan gwajin fim na yanke shi zuwa minti 3: an cire tafiyar kasuwa rabi, an cire mafarkin giwan ruwa gaba ɗaya, taron gaɓa na nan tunda an sayar da shi. Na ɗauka kuɗin zai ragu sosai. Bai ragu ba. Batir da allon zane da rumbu 700,000 ne ko minti nawa za a yi. Alawus na wata 4 da rabi 540,000, sauti 160,000, tukuici da cirewa 250,000. Miliyan 1 da dubu 650. Mun zubar da kashi 40 cikin 100 na fim, kuɗi ya sauka da kwata kawai.

Ga abin da na rubuta, kuma mu huɗu muka sa hannu a kwafin takarda:

"Idan an kai miliyan 2 da dubu 200, fim na minti 5. Idan an tsaya tsakanin miliyan 1 da dubu 650 da wancan, fim na minti 3, kowa kuma zai sami tukuicinsa. Idan ba a kai miliyan 1 da dubu 650 ba ranar 30 ga Nuwamba, za mu mayar wa kowa kuɗinsa cikin mako 2, ban da abin da aka cire wajen biya. Ba za mu taɓa asusun ba kafin ranar."

Ranar gama fim na rubuta Satumba 2026, ko da yake jadawalinmu Yuli ya nuna. Azumi na tsakiya, zafin Afrilu na tsakiya, kuma ban taɓa ganin yaron nan ya yi wata 7 zazzaɓi bai kwantar da shi ba.

Asabar, 25 ga Oktoba

Sakan 20 sun cika ranar Alhamis. Wurin da gorar ke sulalewa daga hannun yaron ne, ya bi ta da ido, ruwa na lasar yatsun ƙafarsa. Shi ne bidiyon shafin, ba mu sa fuskokinmu muna jawabi ba.

Mai sauti ya ɗauki muryata ina karanta farkon shafin da matakan tukuici, sakan 55, don masu sauraro sun fi masu karatu yawa a cikin suna 140 ɗin nan. Sai da muka yi sau shida, ya ce ina karantawa kamar mai sanarwar rasuwa.

Za a buɗe Litinin 27, lokacin da albashi ke fara shiga, a rufe 30 ga Nuwamba, kwana 35, don a kama ƙarshen wata biyu da kakar shinkafa. Mun roƙi mutum 25 na kusa su biya ranar farko, kada baƙo ya leƙo ya tarar da sifili.

Talata, 28 ga Oktoba

Zuwa ƙarfe 9 na daren nan, naira 412,500 daga mutum 37. Fuska 6 sun tafi, allon shago 1. Matakin 15,000 mutum 2 kacal, da alama kati bai burge kowa ba, zan ba shi mako guda kafin in taɓa shi.

Matsalar da ban hango ba: mutum 21 cikin 37 ba su bi ta shafin biya ba, lambar asusu suka nema. Wasu kuma wurin masu tura kuɗi na bakin titi suka je, sai kuɗin ya shigo da sunan mai shagon. Yanzu haka akwai 7,500 guda uku da suna ɗaya, ga mutum huɗu kowa na cewa nasa ne. Ƙanwata ta buɗe littafi, na kuma ƙara layi a saman shafi da cikin saƙon murya: duk wanda ya tura ta banki ya ɗauki hoton rasit ya turo da sunan da yake so a rubuta a fim, kafin ya bar wurin.

Kawu ya aiko ɗansa da 25,000 a ƙunshe cikin leda, ya ce fuskar da aka gyara ɗin nan a bar ta, amma a sa masa homarsa a kafaɗa. Homa ba ta cikin sharaɗi. Gobe zan kai kuɗin banki, in zana ta da dare.